Neman amincewar Malam kan sauya batun kundin digirina na biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in nemi izinin sauya batun kundina. Na so in zo ofis in yi bayani baki da baki, sai aka ce Malam yana wajen taro har ƙarshen mako, kwamitin karatun gaba da digiri na Sashe kuma zai zauna ranar Alhamis ta makon gobe. Shi ya sa na ga gara in rubuto tun yanzu, Malam ya samu lokacin dubawa.

Kamar yadda Malam ya sani, batun da aka amince mini shi ne sauye-sauyen da aka samu a kiɗan kotso na fada daga shekarun 1960 zuwa yau. Ƙashin bayan aikin gaba ɗaya shi ne kwatanta tsofaffin ɗauka da na yanzu. Na yi mako 5 ina zirga-zirga a ma'ajiyar gidan rediyon da muka dogara da ita. A cikin faifan zare 46 da ke rajista, 9 kaɗai suka juya a na'ura. Sauran zaren ya manne da juna, wasu sun yi hunhuna, akwai wanda ma'aikacin ya ɗora ya tsinke a gabana tun kafin a ji muryar mawaƙin. Cikin taran ma, 4 babu shekara babu sunan fada a jikin kwalinsu. Da faifai 5 ba zan iya cewa ga yadda kiɗa ya sauya cikin shekaru 60 ba, sai dai in cike giɓin da zato, Malam kuwa shi ya hana mu haka tun a ajin dabarun bincike. Na amsa laifina na rashin sanar da Malam tun mako na biyu. Na yi ta sa rai ko sauran akwatunan za su fi, ba su fi ba.

Sai dai ba don waccan ƙofa ta rufe kawai nake neman wata ba. A watan jiya na je bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata a Kazaure. Ranar wuni, tsakar gida ta cika da lasifika da 'yan mata, ni kuma na shiga ɗakin baya neman wurin salla. A nan na tarar da tsofaffi 4 zaune a tabarma, kowacce da shantu a hannu. Na babbarsu, wadda duk gidan ke kira Iya, ya tsage daga baki an ɗaure shi da zaren lilo, zanen ƙunar da ke jikinsa har ya shafe saboda riƙo. Ta ce tun na kayan aurenta ne. Tana buga gindinsa a cinya, tana rufe bakin da tafin hannu tana buɗewa, zobban yatsunta suna ƙwanƙwasa jikin duman. Na ƙirga sauti 3 mabambanta daga kayan kiɗan da ba shi da fata ba shi da tsirkiya, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne yadda amon ke yin ƙasa daidai inda karin sautin kalmar ke sauka. Da ta zo kan gaɓa mai faɗuwar sauti, sai ta zame tafin a hankali maimakon ta rufe gaba ɗaya. Na roƙe ta ta maimaita, ta maimaita sau 3 ba ta canza ba.

Malam, wannan ita ce tambayar da na ɗauko tun farko a kan kotso: shin kiɗa da karin waƙa suna bin karin sautin Hausa ne, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ko akwai inda suke saɓa masa da gangan? A kotso makaɗi yana matse tsirkiya ya ɗaga amo. A shantu tafin hannu ne ke wannan aiki. Tambayar tana nan yadda take, abin nazarin ne ya sauya, kuma wannan karon masu abin suna raye, ina iya zama kusa da su in tambaya.

Sabon taken da nake ba da shawara shi ne: "Dangantakar Karin Sautin Harshe da Amon Shantu a Waƙoƙin Matan Hausawa: Nazari a Masarautar Kazaure".

Na duba abin da aka riga aka rubuta. Akwai maƙalar Mercedes Mackay ta 1955 a mujallar African Music, akwai kuma bayanin da ke cikin ƙamus ɗin Ames da King na 1971. Ayyukan da na samu a sassan Hausa sun fi karkata ga matanin waƙoƙin, jigo da salo, amon kansa an bar shi a baya. Ko a rabe-raben Hornbostel da Sachs na 1914 shantu yana da wuyar zaunarwa: jikin duman ne ke ba da sautin, ko iskar da ke cikinsa? Ina ganin awon sauti zai ba ni abin faɗa a nan. Ga shi kuma ɗakunan da ake wannan kiɗa ba kowane mai bincike ke shiga ba. Namiji iyakarsa zaure. Ni 'yar gida ce.

Ba zan ɓoye wa Malam raunin aikin ba. Zuwa yanzu mata 11 na samu da suka iya, ƙaramarsu ta haura shekara 55, kuma 7 ne suka amince a ɗauki muryarsu. Babu wadda ta yarda da hoton bidiyo, don haka motsin hannu sai dai in zana shi in bayyana a rubuce. Biyu sun ce sai na nemi izinin mazajensu, zan kuma yi hakan ta hannun kawuna. Takardar neman yarda zan karanta musu ita da Hausa in ɗauki amsarsu a murya, domin yawancinsu ba su yi boko ba. Sunan kowacce zai sakaya a kundin sai wadda ta ce a bayyana.

Batun lokaci kuwa, ba na neman ƙarin zango. Babi na biyu, wajen bitar karin sauti da ra'in da aka ɗora aikin, kusan kashi biyu cikin uku zai tsaya yadda Malam ya gyara shi. Awon sautin da na koya a manhajar Praat shi zan yi amfani da shi. Babi na ɗaya ne zan sake daga tushe, zan iya miƙa shi cikin mako 3. Aikin fili ina so ya faɗo bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke yawaita, kafin azumi ya shigo a ajiye kiɗa. Abin da ya sa nake gaggawa kuma shi ne Iya ta kwanta jinya sau biyu a bana, ita ce kuma sauran ke bi idan an tashi waƙa.

Na haɗo sabuwar shimfiɗar bincike mai shafi 6, da jerin faifan nan 46 da halin da na samu kowanne, da ɗauka biyu, shantu_01.wav da shantu_02.wav. Idan lokaci ya yi wa Malam ƙaranci, ina roƙon ya saurari na biyun daga minti 1 da daƙiƙa 40, nan ne zamewar tafin take fitowa sarai.

Idan Malam ya amince, sakataren Sashe ya ce fom ɗin sauya take yana bukatar sa hannun Malam kafin ƙarfe 12 na ranar Talata. Idan kuma Malam yana ganin akwai hanyar ceto aikin kotso da ban hango ba, ko taken na bukatar gyara, a shirye nake in zo duk lokacin da Malam ya sa mini, ko da Litinin da safe ne kafin lacca.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, Ya saka da alheri.

Wassalam,
Ɗalibarka ta ajin digiri na biyu, fannin nazarin kiɗa