Minti Biyar Kafin Lissafi: Wasannin Kwantar da Aji 1B

Malama, ƙanwata,

Tunda daga Litinin ke za ki riƙe lissafin aji 1B har ki kammala koyon aikinki ki koma kwaleji, ga wasannin da muke buɗe darasi da su. Yaranmu 64 ne, yawancinsu shekara shida, kuma jadawali ya sa lissafi daidai dawowa daga tara. Kin ga yadda suke shigowa: wannan bai gama cinye awararsa ba, waccan tana kuka an ɗauke mata takalmi, 'yan bayan aji suna ci gaba da langar da ƙararrawa ta katse musu. Darasin minti 30 ne. Biyar na waɗannan wasanni ne, kada su wuce haka.

Abu guda za ki riƙe: kada ki ɗaga murya. Makogwaro ɗaya ba ya cin 64, kuma duk “ku yi shiru!” da kika ƙwala ƙara ce kika ƙara a kan ƙara. Ki fara da abin da zai motsa jikinsu baki ɗaya, sannan ki riƙa rage ƙarfinsa har kunne ya karɓi aikin. Kowane wasa da lamba a cikinsa, saboda haka kafin ki ɗauki alli sun riga sun shiga lissafi ba su sani ba.

Tafa ka mayar

Da wannan ake farawa kullum. Ki tsaya inda kowa zai gan ki, kada ki ce uffan, ki tafa sau biyu da ƙarfi. 'Yan gaba za su mayar. Ki sake. Kafin karo na uku na tsakiya sun kama, na baya kuma sun waiwayo su ga me ake yi babu su. Daga nan ki riƙa sauyawa: uku a jere, sai biyu da sauri ɗaya a hankali, sai huɗu. Idan kin ji amsar ta fito a haɗe, ba tsinta-tsinta ba, to ajin ya zo hannunki.

Yanzu ki rage. Ki tafa da yatsu uku a tafin hannu, sai biyu, sai ɗaya. Tafin yatsa ɗaya ba ya jiyuwa sai an yi tsit, su da kansu za su riƙa hararar mai surutu. A nan ne za ki yi maganarki ta farko, a hankali: “Sau nawa na tafa? Kada wanda ya faɗa. Ku nuna mini da yatsu.”

Idan sun ƙware, ki sauya doka: “Duk abin da na tafa, ku ƙara ɗaya.” Ki tafa biyu su mayar da uku. Tarawa ke nan, tun ba a rubuta alamarta a allo ba. Amma kada ki kawo wannan a makon farko, rikicewa za su yi, rikicewar kuma dariya take haifarwa.

Gero ya tsiro

Wannan na ranar da suka shigo jiki na rawa ne. Kowa ya tsuguna inda yake. Ki ce: “Mu iri ne a cikin ƙasa. Ruwa ya sauka. Mu tsiro.” Ku ƙirga tare daga 1 zuwa 10, kowace lamba a ɗan ƙara miƙewa, murya na ƙara fitowa, a 10 kowa na tsaye hannuwa a sama. Ki bar su su yi ihun goman nan son ransu, sau ɗaya ne. Sai a juyo: 10, 9, 8, ana sauka, murya na raguwa. A 3 raɗa ake yi, a 1 kowa ya zauna. Sai ki ce “sifili” da leɓe kawai, ki ɗora yatsa a baki.

Ƙirga ta baya tana ba su wuya, kuma wuyar ce ke aiki, domin yaro ba zai iya laluben abin da ke gaban 7 yana tsokanar na kusa da shi a lokaci guda ba. Kwanakin farko ki faro daga 5. Sau ɗaya ake yi. Za su roƙe ki “Malama, a sake!” Ki ce gobe.

Gwangwani na magana

A wurina wannan ya fi duka, shi ya sa zan daɗe a kansa. A cikin kabad akwai gwangwanin madara babba da tsakuwa goma a leda. Ki ɗaga gwangwanin ki kife shi su ga babu komai. Sannan:

“Kowa ya rufe ido. Kai a kan benci, na tabarma kai a kan gwiwa. Gwangwani zai yi magana, amma muryarsa ƙarama ce. Duk wanda ya ji, ya ƙirga a zuci.”

Ki jefa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Kada tazarar ta zama iri ɗaya. Ki jefa biyu, ki ja numfashi kamar kin gama, sannan ki saki ta uku. Idan tazarar ta daidaita, wasu za su bi kiɗan ne kawai su zarce da ƙirga ko da babu abin da ya faɗi. Abin da muke nema shi ne kowace ƙara ta sami lambarta guda, kuma yaro ya gane lambar ƙarshe da ya ambata ita ce yawan abin da ke ciki. Da yawansu sun haddace ɗaya zuwa ashirin tun daga gida, suna rerawa tsaf, amma ki ba su marafan kwalba shida su ƙirga, sai ki ji takwas.

Da kin gama ki ce: “Yatsu a ƙirji, ido a rufe. Yanzu ku buɗe.” A ƙirji nake so, ba a sama ba. Idan an ɗaga sama, rabin ajin leƙen yarinyar da aka san ta da ƙoƙari za su yi su gyara nasu. A ƙirji kuwa ke kaɗai kike gani, kuma da kallo ɗaya kin san wa za ki tsaya a kansa yau. Sai ki zazzage tsakuwar a kan tebur, yaro ɗaya ya fito ya taɓa kowace ana ƙirgawa tare. Wanda bai dace ba, ba a kiran sunansa.

Zagaye biyu ko uku sun isa. A fara da abin da bai wuce 5 ba. Idan darasin ranar tarawa ne, bayan kun tabbatar da 3 a ciki, su sake rufe ido ki ƙara 2, ki tambaya nawa ne yanzu. Idan ɗebewa ne, su buɗe ido, ki ciro ɗaya suna kallo. Tsakuwar nan a hannunki take tsayawa. Kada ki raba musu ita, haka ma 'ya'yan tsamiya ko wake, don masu shekara shida har yanzu suna cusa abu a hanci da kunne.

Leƙa ka gani

Akwai kwalaye da na zana manyan ɗigo a jiki, daga 1 zuwa 6. Ki ɗaga ɗaya gwargwadon ƙiftawar ido biyu, ki kife a ƙirjinki. Su nuna da yatsu. Tunda sun san ba zai daɗe ba, ido ba ya barin hannunki. Biyar ɗin kwali biyu ce, ɗaya huɗu da ɗaya, ɗaya uku da biyu. Ki nuna su a jere ki tambaya wanne ya fi yawa, ki saurari gardamar, ta minti ɗaya ce kuma ta lissafi ce.

Hura koko

Na ranakun kuka da faɗa. Kowa ya buɗe hannu ɗaya. Kowane yatsa kofin koko ne mai zafi: a shaƙi ƙamshinsa ta hanci, a hura a hankali ta baki, a lanƙwasa yatsan. “Saura nawa?” Huɗu. Haka har a dunƙule hannu. Ki yi tare da su, ke ma zai amfane ki.

Rubutu a iska

Da wannan ake rufewa, domin shi ke miƙa su ga allo. Lambar da za a yi aiki da ita yau, ku rubuta ta da yatsa a iska, babba, sau uku, sannan a tafin hannu, ƙarama. Ki juya musu baya ki ɗan karkato kai kina kallonsu. Idan kika fuskance su kika rubuta 3, a juye za su gan ta, a juye kuma za su kwafa. Dama 2 da 3 da 5 da 7 suna yawan juye wa yara a wannan shekarun, ga kuma yawancin namu da yamma suna Islamiyya ko makarantar allo inda hannu ke farowa daga dama. Ba abin faɗa ba ne. Ki riƙa ambaton inda ake farawa: “Daga sama, mu zagayo, mu sake zagayowa.”

Ba duka shida ake yi a rana ba. Tafi kullum, rubutu a iska kullum, sai ɗaya a tsakiya gwargwadon yadda kika ga fuskokinsu. Ki bar tsarin yadda yake ko da ke kin gaji da shi. Su ba sa gajiya, sanin abin da zai biyo baya ma yana cikin abin da ke kwantar da su.

Wurin da aikin kan rushe shi ne fito da littattafai. Idan kika ce “kowa ya ɗauko littafinsa”, jaka 64 za su buɗe lokaci guda, duk shirun ya tafi. Layukanmu huɗu suna da sunayen ƙofofin gari: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi, sai 'yan tabarma su ne Ƙofar Marusa. Ki ce a hankali, “An buɗe Ƙofar Guga,” su kaɗai za su motsa, sauran suna ƙirga musu 1 zuwa 10 da raɗa. Layin da ya fi natsuwa shi ake fara buɗewa, amma ki lura kada 'yan tabarma su zama na ƙarshe kullum, matsi ne ke sa su motsi, ba rashin ji ba.

Ranar da ruwa ke dukan kwano, gwangwani ba zai jiyu ba, ki koma kwalaye. Da hunturu in ƙura ta yi yawa ki bar hura koko, tari yake tayarwa. Ranar Juma'a kuwa hankalinsu na kan tashi da wuri, tafi da gero kawai sun wadatar. Idan kuma duk an natsu yaro ɗaya ya ƙi, kada ki tsayar da 63 saboda shi, kuma bulala ba ta shiga wannan ajin. Ki kira shi ya riƙe miki gwangwani. Bayan darasi ki tambaye shi ko ya karya, sau da yawa amsar tana nan.

Makullin kabad yana wurin mai gadi, ki karɓa kafin taron safe. Ranar Litinin zan zauna a bayan aji, ba zan sa baki ba. Ki fara da tafi, gwangwani da tsakuwa huɗu, sai lamba 4 a iska.

Yayarki,
Malamar aji 1B