Gyaran sakin layin Hauwa'u: tafiyar Kaka daga Haɗeja zuwa Madani

Hauwa'u, mun karanta abin da kika kawo ajin rubutun Hausa kan tafiyar Kakanki, Allah ya jiƙansa, zuwa Madani ta ƙasar Sudan. Labarin yana da daɗi, garuruwan ma kin jera su yadda hanya take. Matsalarsa ɗaya ce: ba ki tsaya a lokaci guda ba. Mai karatu zai fara da abin da ya faru a 1952, jim kaɗan ya ji kamar yanzu ake yi, can kuma ya ji kamar ba a ma yi ba tukuna. Ga sakin layin yadda kika rubuta shi, mun sa wa jimlolin lamba don sauƙin nuni.

"(1) A shekarar 1952 ne Kakana ya bar Haɗeja tare da ƙannensa biyu da niyyar sauke farali. (2) Sun bi ta Maiduguri suka shiga ƙasar Chadi, sai su yada zango a Abeshe saboda guzuri ya ƙare. (3) A can suna yin wata huɗu, Kaka yana ɗinkin hula, ƙannen kuma sukan ɗebo ruwa su sayar. (4) Da damina ta ɗauke za su kama hanyar Junaina, daga nan sun wuce Fashir, suna isa Ubayyid. (5) A Ubayyid sun hau jirgin ƙasa, abin da ba su taɓa hawa ba. (6) Suna sauka a Madani lokacin tsinkar auduga, ana neman ma'aikata a gonakin Jazira, sai su tsaya. (7) Kaka yakan ce shekara ɗaya zai yi ya wuce, amma yana yin shekara shida kafin ya ga Sawakin. (8) Ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda, ya yi aikin Hajji, zai dawo Madani inda yake auren Kakata. (9) Gidan da ya gina yana nan har yau, a cikinsa muke zaune."

Ga shi kuma bayan gyara:

"A shekarar 1952 ne Kakana ya bar Haɗeja tare da ƙannensa biyu da niyyar sauke farali. Suka bi ta Maiduguri suka shiga ƙasar Chadi, sai suka yada zango a Abeshe saboda guzuri ya ƙare. A can suka yi wata huɗu, Kaka yana ɗinkin hula, ƙannen kuma suna ɗebo ruwa suna sayarwa. Da damina ta ɗauke suka kama hanyar Junaina, daga nan suka wuce Fashir, har suka isa Ubayyid. A Ubayyid suka hau jirgin ƙasa, abin da ba su taɓa hawa ba. Suka sauka a Madani lokacin tsinkar auduga, suka tarar ana neman ma'aikata a gonakin Jazira, sai suka tsaya. A farkon zuwansu Kaka yakan ce shekara ɗaya zai yi ya wuce, amma sai da ya yi shekara shida kafin ya ga Sawakin. Ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda, ya yi aikin Hajji, ya dawo Madani inda ya auri Kakata. Gidan da ya gina yana nan har yau, a cikinsa muke zaune."

Wuri 14 muka sauya lokacin aikatau, muka ƙara gajerun gaɓoɓi a jimla ta 4 da ta 6 da ta 7. Sauran duk kalmominki ne.

Jimlarki ta farko ita ta yanke hukunci. Da kika ce "a shekarar 1952 ne", kin tsayar da mai karatu a yau, yana waiwayen abin da ya wuce. Labarin da ake jera abubuwansa ɗaya bayan ɗaya kuwa, a Hausa shuɗaɗɗen lokaci na biyu ke ɗaukarsa: muka, kuka, suka, aka. Shi ne igiyar da ake rataya tafiyar a kanta: suka bi, suka shiga, suka yada zango, suka kama hanya. Duk aikatau ɗin da ya matsa da labari gaba taki ɗaya, wannan sigar zai ɗauka.

Saboda haka "sun bi", "sun wuce" da "sun hau" suka koma "suka". Su ma shuɗaɗɗen lokaci ne, na ɗaya, amma aikinsu daban. "Sun" yana ba da rahoton abin da ya riga ya kammala. Idan ya faɗo tsakiyar jerin "suka", sai a fahimci abin ya riga sauran aukuwa. Ki gwada: "Suka isa tasha, fasinjoji sun hau jirgi." Ai kin ji kafin su iso aka hau. Da kika rubuta "daga nan sun wuce Fashir", kin mai da mai karatu baya alhali gaba kike son kai shi.

"Sai su yada zango" da "sai su tsaya" kuskure ne da ake yawan yi, domin harufa biyu ne kawai tsakaninsu da daidai. "Sai su" yana nuna abin da aka saba yi, ko shawara: "In rana ta faɗi, sai su yada zango." Abin da ya faru sau ɗaya ya wuce, "sai suka" ne.

Jimla ta 4 ta fi kowace buƙatar natsuwa. "Da damina ta ɗauke za su kama hanya" Hausa ce lafiyayya in ita kaɗai ce, amma ma'anarta ita ce damina ba ta ɗauke ba tukuna, jira ake. A nan ana jan wasalin "ta". A jimlar da muka gyara kuwa "ta" gajere ne, damina ta riga ta ɗauke, tafiya ta biyo baya. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka "ya" da "ta" na shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu da na umarni duk kamanninsu ɗaya a takarda. Dabarar ganewa ita ce ki mai da mai aikin jam'i. In bakinki ya ce "suka", na biyu ne; in ya ce "sun", na ɗaya ne; in ya ce "su", umartau ne. Ki yi haka da jimla ta 8: suka haye, suka yi aikin Hajji, to na uku dole ya zama "suka dawo". Nan take za ki ga "zai dawo" ba shi da wurin zama.

Da wannan gwajin ne kuma muka bar wurare biyu yadda suke. "Saboda guzuri ya ƙare" zai ba ki "saboda kuɗinsu sun ƙare", kuma daidai ne, tunda ƙarewar guzurin ta riga yada zangon. "Kafin ya ga Sawakin" zai ba ki "kafin su ga Sawakin", domin abin da ke bin "kafin" ke nan ko da yaushe, ko labarin na bara ne ko na baɗi.

Yanzu ga abin da muke so ki riƙe da kyau, don kada ki ɗauki alƙalami ki bi kowane "yana" da "suna" ki kashe. Lokaci mai ci a Hausa ba lallai yana nufin yanzu ba. Yana nuna aikin da ke gudana, kuma yana aron lokacinsa daga aikatau ɗin da ya jingina da shi. "A can suka yi wata huɗu, Kaka yana ɗinkin hula": ɗinkin yana cikin wata huɗun nan, babu wanda zai zaci yau ake yinsa. Da mun ce "Kaka ya ɗinka hula", da mun mai da sana'ar wata huɗu ta zama hula guda. Laifin da ke jimla ta 3 shi ne babban aikatau ɗin kansa, "suna yin wata huɗu", ya zo a mai ci, sai ɗinkin ya rasa abin jingina. Haka "ana neman ma'aikata" ya tsira, mun dai sa masa "suka tarar" a gaba ya riƙe shi. Ku da kuka yi karatu da Larabci kukan so ku sa "ya kasance" a irin wannan wuri, yadda ake sa "kana" gaban mudari'i. Ba a buƙatarsa; "Kaka ya kasance yana ɗinkin hula" nauyi kawai zai ƙara.

"Sukan ɗebo ruwa su sayar" ba laifi ba ne a nahawu. Mun sauya shi don sana'ar Kaka da ta ƙannensa a tare suke tafiya, bai kamata ɗaya ta zo a mai ci ɗaya a sabau ba.

"Kaka yakan ce" kuwa mun bar shi a sabau, amma yadda kika ajiye shi tsirara, mai karatu zai ɗauka Kaka yana raye, har gobe yana faɗa. "A farkon zuwansu" shi ya mai da maganar zamaninta. "Zai yi ya wuce" ma bai motsa ba, domin niyyarsa ce a lokacin da yake magana, kuma a lokacin shekarar tana gaba. Jimla ta 9 ta dawo yau da gangan, "har yau" ya sanar da mai karatu an sauya zamani. Irin wannan sauyi halas ne muddin an sa masa alama.

In kin sauya lokaci, ki duba jikin aikatau ɗin ma, don sau da yawa yana sauyawa tare. "Suna yin wata huɗu" ya zama "suka yi wata huɗu", harafin n ya faɗi. "Su sayar" ya zama "suna sayarwa". "Yake auren Kakata" ya zama "ya auri Kakata". Wanda ya gyara rabi zai ƙare da "ya auren Kakata", wanda ba magana ba ce. Sai ƙa'idar rubutu: suka, suna, suke da sukan a haɗe ake rubuta su, "za su" da "ba su" a rabe, "zan" da "zai" a haɗe.

Sakin layi na biyu, wanda ya kawo zaman Kaka a Makka, ba mu taɓa shi ba, naki ne. Ki ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ki fara ware waɗanda ke matsa da labari gaba ki mai da su "suka" ko takwaransa, sannan ki tambayi kowane ɗaya cikin ragowar da wa ya jingina. Daga nan ki karanta wa Inna da ƙarfi, inda ta tsayar da ke ta ce "yaushe ke nan?", ki sa alama a wurin. Ki kawo mana ranar Asabar bayan la'asar.

Allah ya yi miki albarka.

Malamanki na ajin rubutun Hausa, Madani