Aikin gidan kaji na kullum

Sani, wannan shafin ne zai riƙa tarbarka kowace safiya har na dawo. Ba sai ka rubuta komai daga farko ba. Ka buɗe manhajar rubutu ta Obsidian a wayar gona, ka danna Open today's daily note, zai fito maka da akwatunan nan babu alama ko ɗaya. Sharaɗina guda ne: kada ka danna akwati sai hannunka ya gama aikin. Bayanin yadda shafin yake sabunta kansa yana can ƙasa, ka karanta shi sau ɗaya ya isa.

Bayan sallar Asuba

- [ ] Kunna fitilun ɗakin kaji da ƙarfe 5:00
- [ ] Tsoma takalmin roba a ruwan maganin bakin ƙofa kafin ka shiga
- [ ] Buɗe famfon tanki, ka bi mazuban ruwa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshen ɗaki
- [ ] Tsaya shiru na minti biyar, ka saurara, ka duba

Layin famfo shi ya sa na fara wannan jerin tun asali. Ka tuna watan Afrilun bara, ranar da na rufe famfon don wanke tanki, aka kira ni a waya, na fita na manta ban buɗe ba. Kafin la'asar kaji 11 sun mutu, ƙwai kuma bai koma yadda yake ba sai bayan kusan mako biyu. Ba rashin sani ba ne, na fi shekara uku ina wannan aikin. Abin da mutum ya saba yi kullum shi ya fi saurin suɓuce masa, don zuciya tana gaya masa ai ya yi. Saboda haka ganin ruwa a mazubin farko bai isa ba. Na ƙarshen, wanda yake kusa da bangon gabas, shi ne yake fara bushewa.

Tsayuwar minti biyar ɗin kuma kada ka ɗauke ta wasa. Kana neman atishawa ko ƙarar numfashi, kaza mai tsugune a lungu ta saki fukafukai, kashi kore ko mai jini, fuska a kumbure. Da safe kafin a zuba abinci ɗakin yake da natsuwar da za ka ji waɗannan.

- [ ] Fitar da wadda ta mutu in akwai, ka rubuta adadin a ƙarshen wannan layin
- [ ] Ware marar lafiya a ƙaramin keji
- [ ] Zuba abincin safe: buhu 1

Kajinmu 420 ne yanzu. Kowace tana cin kusan giram 120 a rana, ka ga ya kama kilo 50 da ɗan ɗoriya, wato buhu biyu masu kilo 25. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. In ka tarar da abincin jiya ya yi saura da yawa a mazubi, kada ka ce an samu rangwame. Kazar da ta rage ci tana gaya maka wani abu ne, ko zafi, ko ruwa, ko ciwo.

In kaji biyu ko fiye suka mutu a rana ɗaya, ka kira ni nan take, ko ina cikin aji. Kada ka sayar, kada ka yanka, kada ka ba kowa, kuma kada a fitar da komai daga gonar sai likitan dabbobi ya zo ya gani. Murar tsuntsaye ba ta jiran a yi shawara.

Hantsi

- [ ] Kwasar ƙwai ta farko, ƙarfe 9:00
- [ ] Kwasa ta biyu, ƙarfe 11:30
- [ ] Ware fasassu da masu datti a kiret dabam
- [ ] Jera ƙwai tsinin yana kallon ƙasa
- [ ] Juya ɓuntun da ke ƙarƙashin mazuban ruwa, a kwashe wanda ya jiƙe

Yawancin ƙwan da safe suke yin sa, shi ya sa kwasa biyu suka matso kusa da juna. In ya daɗe a akurki sai su tattake shi, in kuwa suka ɗanɗana fasasshe suka koyi shan ƙwai, raba su da halin aiki ne babba. Mai datti a goge shi da busasshen tsumma, ban da wanki.

Azahar

- [ ] Taɓa ruwan mazubi da hannu. In ya yi ɗumi a zubar, a sako sabo
- [ ] Ɗage labulen buhu ta kowane ɓangare
- [ ] Duba yawan ruwan tanki, a tayar da famfon rijiya in ya yi ƙasa da rabi

Ban da zuba abinci da tsakar rana a wannan zafin, ko sun yi ta kuka. Narkar da abinci yana ƙara musu zafin jiki. In ka ga sun buɗe baki suna haki, ruwa mai sanyi da iska suke so.

Bayan La'asar

- [ ] Zuba abincin yamma: buhu 1, idan rana ta yi sanyi
- [ ] Kwasar ƙwai ta ƙarshe
- [ ] Ƙirga ƙwan yini gaba ɗaya, ka rubuta kiret nawa da guda nawa a ƙarshen wannan layin
- [ ] Rubuta wanda ya ɗauki ƙwai, kiret nawa, ya biya ko bai biya ba
- [ ] Ƙirga buhunan da suka rage a sito

Kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Kwanakin nan muna samun kiret 11 da ɗoriya. Ranar da ya sauko ƙasa da 10 ina so in sani a daren, ba washegari ba. Buhuna kuma in sun kai 6, abincin kwana uku ke nan, ka kira mai kawowa. Mai shayin bakin titi yana ɗaukar kiret 2 kullum ya biya ranar Juma'a, mun daɗe a haka da shi. Bayan shi babu bashi, ko wa ya ce ni na aiko shi. Masu saye kuma a tsaya da su a bakin get, ba wanda zai leƙa ɗakin kaji.

Magariba zuwa Isha

- [ ] Kunna fitilu kafin duhu ya shiga
- [ ] Wanke mazuban ruwa, a tabbatar an sake buɗe famfo
- [ ] Sake ruwan maganin bakin ƙofa in ya yi datti
- [ ] Rufe sito, a duba tarkon ɓera
- [ ] Kashe fitilu da ƙarfe 9:00 na dare
- [ ] Kulle ɗakin kaji da get
- [ ] Ɗauki hoton wannan shafin ka turo mini
- [ ] Sa wayar gona a caji

Daga 5:00 na asuba zuwa 9:00 na dare awa 16 ke nan na haske, abin da kaza mai ƙwai take buƙata. In babu wuta, batirin sola yana ɗaukar fitilun, matuƙar ba a jona masa wani abu ba.

Yadda shafin yake sabunta kansa

Akwai fayil guda a cikin foldar `Tsari` mai suna `Aikin kullum`. Shi ne uwa. Duk abin da kake karantawa yanzu daga cikinsa aka kwafo. A cikin Settings, ƙarƙashin Core plugins, na kunna Daily notes, na nuna masa uwar a Template file location, na sa foldar `Kullum` a New file location. Da ƙarfe 12:00 na dare ta wuce, kwanan watan wayar ya canja, duk lokacin da ka danna Open today's daily note zai duba ko akwai shafin yau. In babu, ya kwafo uwar ya raɗa masa sunan ranar, kamar `2025-04-14`. In akwai, shi zai buɗe maka da duk alamomin da ka riga ka yi, don haka kana iya dannawa sau goma a yini ba abin da zai ɓace.

Ka ga ba goge na jiya ake yi ba. Na jiya yana nan a `Kullum` yadda ka bar shi, da lissafin ƙwansa da akwatin da ba ka danna ba. Wannan ne ya sa na bar takardar da muke liƙawa a bango, na kuma bar tsohon jerin da sai na bi na cire alamomi da hannu kowace safiya. Da likita ya tambaye ni yaushe ƙwai ya fara raguwa, a da sai in ce kamar makon jiya. Yanzu shafukan nake buɗe masa.

Abu uku za ka kiyaye. Kada ka danna akwati a cikin uwar, in ka yi haka gobe da jibi duk za su fito da aikin a matsayin an gama. Ka dubi saman shafi: in ka ga kwanan wata, kana daidai, in ka ga `Aikin kullum`, fita. Na biyu, gyaran da ka yi a shafin yau a nan yake tsayawa, ba ya bin gobe. In ka ga wani aiki da ya kamata ya zama na kullum, a uwar za a ƙara shi, a sabon layi, haka:

```
- [ ] Duba igiyar labule
```

Tazarar da ke tsakanin bakan biyu dole ce, in babu ita akwati ba zai fito ba. Amma ka fara gaya mini kafin ka ƙara. Jeri in ya yi tsawo mutum yakan koma danna akwati ba tare da ya karanta ba, shi ya sa ban sa rigakafi da sayen ɓuntu da kwashe taki a nan ba. Waɗannan ba na kullum ba ne, suna shafin `Mako-mako`.

Na uku, kada a taɓa agogon wayar. Da shi manhajar take gane wace rana ce. Ba ta buƙatar data, fayilolin a cikin wayar suke, kuma dalilin hoton dare ke nan: in wayar ta faɗa ruwa, ina da lissafin a tawa.

Ranar da wani aiki ya gagara, ka bar akwatinsa a buɗe ka rubuta dalili a gefe, ko da kalma biyu ce. Ba zan yi faɗa a kan akwatin da ba a danna ba. Wanda zai ɓata mini rai shi ne wanda aka danna alhali famfo yana rufe.

Kuɗin abinci yana hannun Umma, makullin sito na biyu yana cikin gwangwanin da ke kan tagarta. Ina fitowa daga aji ƙarfe 2:00, daga nan kana iya kira kowane lokaci. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Yaya Hauwa