Tsarin gwajin tallan humra da turaren wuta, 6 zuwa 19 ga Oktoba

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da yamma. Da fatan an wuni lafiya, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga alat ɗin naira 500,000 da kika turo na talla, Allah ya ƙara buɗi. Amma ina neman alfarma kada mu zuba su gaba ɗaya kamar yadda kika ce a waya. So nake a fara taɓa 135,450 kawai, cikin mako biyu, mu gano wane talla ne yake kawo mai saye kuma su waye masu sayen. Sauran 364,550 su zauna a asusu har sai gwajin ya nuna mana inda za a zuba su. Na rubuta komai a nan domin mu yi yarjejeniya tun kafin a fara, kada ranar Laraba ki kira ni ki ce a kashe wannan a ƙara wa wancan.

Ki tuna abin da ya faru kafin babbar Sallah. An danna Boost post, maɓallin biyan kuɗi a ƙara yaɗa abin da aka ɗora a shafi, a kan bidiyon nan na sitidiyo, aka kashe 40,000, mutane suka yi ta yabo da “Masha Allah”, saƙonni suka cika waya. Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu “nawa ne?” ne, ana faɗa musu kuɗi shiru. Har da wata baiwar Allah daga Fatakwal da aka yi kwana biyu ana ciniki da ita, daga ƙarshe kuɗin mota ya raba mu. Laifina ne ni ma, don ban ware garuruwa ba, kuma ban rubuta wane saƙo ya fito daga talla wane ne na tsofaffin kwastomomi ba. Har yau ba wanda zai iya cewa ga abin da 40,000 ɗin nan ta sayar.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Saitin amarya ƙarami, wato humra biyu, turaren wuta da kulacca, muna sayar da shi 20,000. Kayan haɗi, kwalabe, kwali da leda suna cin 12,500, riba 7,500 ke nan kafin talla. Na ɗauka cewa ba za mu yarda talla ya ci fiye da 3,000 a kan kowane saiti ba, domin ki tsira da 4,500. Littafin shago kuma ya nuna cikin baƙi goma da suka yi magana a WhatsApp, kusan ɗaya ce take biya. To idan sai an yi hira goma kafin a sayar da saiti ɗaya, kada kuɗin hira guda ya wuce naira 300. Idan kina ganin 3,000 ta yi yawa, ki gaya min yanzu, sai na sake lissafin daga tushe.

Ba Boost post za mu yi ba wannan karon. Ta Ads Manager, manhajar tsara tallan Facebook da Instagram, zan shiga a kwamfuta, in zaɓi Engagement, in sa saƙo ya riƙa faɗawa WhatsApp ɗin shago kai tsaye.

Makon farko, daga Litinin 6 zuwa Lahadi 12, talla ne kawai za a gwada. Mutanen da za su gani iri ɗaya ne: mata ’yan shekara 22 zuwa 50 a Kano, Kaduna da Abuja, garuruwan da muke da direban tasha da muka yarda da shi. Abin da ya bambanta shi ne abin da za su gani, kuma guda uku ne.

Na farko bidiyo ne na daƙiƙa 15 da zan ɗauka da waya a tsaye: hannu ya zuba turare a kan garwashi a kasko, hayaƙi ya tashi, a kifa kabbasa a shimfiɗa mayafi. Ba kiɗa, ba magana, sai rubutu kaɗan. Na biyu hoto ne na saitin a kan farin ƙyalle, an rubuta 20,000 ɓaro-ɓaro da “muna aikawa Kaduna da Abuja”. Na san ba kya son a sa farashi a fili saboda masu kwaikwayo, amma ai su ma suna turo ƙannensu su tambaya, ba wani sirri muke ɓoyewa ba. Na uku muryarki ce, fuska ba za ta fito ba, kina faɗin yadda ake soya farce da tsawon lokacin da humra take yi tana tsumuwa kafin a ɗura ta a kwalba, irin bayanin da kike yi wa iyayen amare idan sun zo gida. Zuciyata ta fi kwanciya da na ukun, ke kuma na san na hayaƙin za ki zaɓa. Shi ya sa za a gwada, tunda ba ni ba ke a cikin masu sayen.

Kowane talla zai samu 3,000 a rana, a nasa rukunin daban. Ba zan haɗa kuɗin wuri ɗaya da Advantage+ campaign budget ba, domin idan aka yi haka manhajar takan karkata kuɗin ga wanda ya fara motsi tun kwanakin farko, sauran su tashi ba a ba su dama ba. Zan yi amfani da A/B test, wanda yake raba mutanen kashi-kashi yadda wadda ta ga na farko ba za ta ga na biyu ba. Uku sau 3,000 sau kwana bakwai, 63,000.

Me ya sa 3,000, ba 1,000 ba? Saboda kowane sabon rukuni yana shiga abin da suke rubutawa Learning, lokacin da manhajar take laluben waɗanda za su amsa, kuma Meta, masu Facebook da Instagram, da kansu sun ce tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai kafin ta daidaita. Idan hira tana kamawa 300, to 3,000 za ta kawo goma a rana, 70 a mako, mun haye. Da 1,000 kuwa hira uku ce a rana, mako ya ƙare ba mu koyi komai ba, an yi asarar kuɗin a banza da sunan tattali. Kwana bakwai cif kuma saboda cinikin Juma’a da Asabar ba ɗaya yake da na Talata ba.

A cikin kwanakin nan ba za a taɓa komai ba. Canza hoto, rubutu ko mutanen da ake nunawa yana mayar da rukunin farkon Learning. Kuma idan kika ga wata rana an ci fiye da 3,000 kada hankalinki ya tashi, haka tsarin yake, yakan ɗara a ranar da ya ga kasuwa ya rage a wata, amma jimillar mako ba ta wuce ninki bakwai. Dalili ɗaya ne zai sa in kashe talla kafin lokaci: ya ci 9,000 bai kawo hira ko goma ba.

Inda aikin yake da nauyi a wajen yarinyar shago ne, don ita ce mai amsa waya. Zan sa wa kowane talla nasa saƙon buɗewa, wanda yake fitowa a rubuce idan mutum ya danna:

```
G1-A  Salam, na ga bidiyon turare
G1-B  Salam, ina son saitin 20,000
G1-C  Salam, na ji bayanin Hajiya
```

Da saƙo ya shigo ta liƙa masa alamar A, B ko C a WhatsApp Business, wadda ta biya kuma a ƙara mata alamar “ta biya”. Ads Manager zai nuna min Cost per messaging conversation started, wato kuɗin kowace hira, amma bai san wa ya turo alat ba. Wannan sai mu. Kuma a riƙa amsawa da wuri, duka ukun daidai wa daida. Idan aka bar saƙonnin dare har azahar, tallan zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Ranar Lahadi da daddare zan raba abin da kowane talla ya ci da yawan waɗanda suka biya ta dalilinsa. Wanda ya fi arha a nan shi ya ci, ko da shi ne ya fi ƙarancin saƙonni, kuma ina zaton hoton mai farashi zai iya ba mu wannan mamakin, tunda mai “nawa ne?” ta riga ta ga amsa ta wuce. Sai dai a yi hattara: hira 70 ciniki bakwai ne ko kusa da haka. Idan wani ya sayar da bakwai wani shida, ba a ce ɗaya ya fi ba, mace ɗaya da mijinta bai turo kuɗi da wuri ba ta isa ta juya lissafin. Sai tazara ta fito sosai, kamar tara da uku, zan yanke hukunci. In sun yi kunnen doki, mu tafi da biyun.

Mako na biyu, 13 zuwa 19, a juya abin: talla ɗaya, wanda ya ci, mutane kashi uku. Kashi na farko matan garuruwan nan uku ba tare da wani tacewa ba. Na biyu waɗanda manhajar ta lura suna bibiyar turare da harkar biki. Na uku Lookalike na kashi 1 cikin ɗari, wato masu kama da waɗanda suka taɓa hulɗa da shafinmu na Instagram cikin kwana 365 da suka wuce. Kuɗi da ƙa’ida duk irin na makon farko, wata 63,000. Jimilla 126,000, sai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan tallan Meta a Najeriya tun 2022, wato 9,450. Zan sa Account spending limit domin ko na yi mantuwa kada ya zarce.

Idan aka samu wanda yake sayar da saiti a 3,000 ko ƙasa, sai a fara ƙari daga 20 ga wata, a hankali: kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana uku, 3,600, 4,320, 5,184, haka har mu shiga bukukuwan Disamba. Zai yi miki kamar tafiyar hawainiya, na sani. Amma tsalle daga 3,000 zuwa 20,000 yana iya mayar da shi Learning, kuma mutanen farko da talla yake samu su ne masu arha, na bayansu sun fi tsada. Duk lokacin da kuɗin saiti ya haura 3,000 kwana uku a jere, zan koma matakin baya. Idan Frequency ya kai 3, ma’ana mace ɗaya ta ga tallan kusan sau uku, lokacin sabon bidiyo ya yi. Idan kuwa babu wanda ya kai ga ma’aunin, ba za a ƙara ko sisi ba, mu zauna mu duba farashin da kuɗin aike tukuna.

Abu biyu nake buƙata daga gare ki kafin Asabar. Ki ƙirga min saiti nawa ne a ƙasa da nawa za su tsumu kafin ƙarshen Nuwamba, don kada mu tara mutane mu ce musu kaya sun ƙare. Sannan ki ba ni lokaci ranar Alhamis bayan la’asar in zo ɗaukar muryar, a ajiye min garwashi da mayafin nan ruwan toka.

A gaida Inna da yara.

’Yarki