Amsar Hoton Fuskarki, Rukayya

Assalamu alaikum 'yata. Na ga hoton da kika turo, kuma kin kyauta da kika ɗauke shi a hasken rana, ba hoda a fuskar, don na iya zuƙo shi na duba wuri-wuri. Ki kwantar da hankalinki, wannan abu ne mai magani. Sai dai ƙurajen da ke fuskarki iri huɗu ne ko biyar suka haɗu, kowanne da irin kulawar da yake so, shi ya sa sabulu ɗaya da kike ta dirzawa bai yi miki komai ba. Ki buɗe hoton a gabanki mu bi shi tare.

Fara da hanci da gefensa. Kin ga ɗigo-ɗigon baƙaƙen nan? Su ne masu baƙin kai. Ƙofar gashi ce ta cika da maiƙo da matacciyar fata, bakinta a buɗe, iska ta taɓa abin da ke ciki ya yi duhu, kamar yadda yankakkiyar doya ke canja launi in an bar ta a fili. Baƙin nan ba dauɗa ba ce, don haka soso ba zai fitar da shi ba, sai dai ya ƙuje miki fata. Abin da ke musu aiki shi ne ruwan wanke fuska mai salisilik asid, kashi 2 cikin 100 ko ƙasa, domin yana shiga cikin maiƙon ya sassauta toshewar. Ki fara da sau ɗaya a rana.

Hau goshi, musamman daidai inda ɗankwali ke zama. Akwai ƙananan tsiro masu launin fatarki, wasu da ɗan fari a kai, ba ja ba ciwo, in kin shafa ki ji gurzi-gurzi. Waɗannan masu farin kai ne: toshewa iri ɗaya da ta hanci, amma fata ta rufe bakin. Yadda suka yi layi a bakin gashi ne ya sa nake zargin man kitso. Basilin da man gashi masu kauri suna narkewa da zufa su gangaro goshi, hijabi kuma ya danne su a wurin tun safe har la'asar. Ki rage man, ki tsayar da shi can cikin gashi, ki riƙa sauya hular da ke ƙarƙashin hijabi da rigar filo a kai a kai. In bayan wata biyu suna nan, akwai adafalin na kashi 0.1, ana shafa ɗan kaɗan da dare a busasshiyar fuska, kwana ɗaya a shafa, kwana ɗaya ko biyu a huta, har fata ta saba. Makonnin farko yakan sa bushewa da ɗan saɓa. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi, ki riƙe wannan ko don ƙawayenki masu aure.

Yanzu kumatu, inda na fi daɗewa ina kallo. Iri biyu ne a cakuɗe. Akwai masu tudu da ba su da baki, waɗanda kika ce suna zafi in kin taɓa. A farar fata ja suke fitowa, a irin tamu kuwa sun fi yin duhu-duhu ko ruwan hanta, shi ya sa mutane ba sa gane kumburi ne. Sai kuma waɗanda suka nuna, masu farar mugunya ko rawaya a tsakiya. Na ƙirga kamar biyar a kuncin hagu. Duka biyun ƙofar gashin da ta toshe ce ta kumbura, ƙwayoyin cutar da tun asali suke zaune a fatar kowa suka samu wurin yaɗuwa. Maganinsu na farko benzoyil feroksaid ne. Ki nemi na kashi 2.5 ko 5, kada mai kemis ya ba ki na 10 wai ya fi ƙarfi, bushewa da raɗaɗi kawai zai ƙara miki. Ki shafa siriri a duk kuncin, ba kan ƙurjin kaɗai ba, don ya tare waɗanda ba su fito ba tukuna. Yana cin launin tufafi, saboda haka ki wanke hannu bayan shafawa, ki kuma sa tsohuwar rigar filo fara.

Don Allah, Rukayya, ki cire hannunki daga fuskar nan. A hoton ina ganin sawun farce a wurare biyu kusa da baki, har da ɓawon ciwo. In kin matse ƙurji, wani abin yana fita, wani kuma yana fashewa ta ciki ya ƙara kumburin. Baƙaƙen tabban da suka bazu a kumatunki, waɗanda na san sun fi ƙurajen damunki, daga nan mafi yawansu suka samo asali. Fatarmu tana saurin tara duhu duk inda ta ji rauni: ƙurji ya warke cikin mako ɗaya, tabonsa ya yi watanni. Suna dusashewa da kansu in an daina tsokanarsu, man shafawa mai azelayik asid yana taimakawa, man kare rana mai lamba 30 ko sama kuma yana hana su ƙara duhu. Lemon tsami, man goge baki, kanwa da dilka duk ki ajiye su, ƙona fata suke yi a irin wannan hali.

Akwai tambayar da nake so ki amsa min tsakani da Allah. Kina shafa man haɗi ko na bilicin? Da yawansu akwai kulobetasol ko betametason a ciki, wato magungunan kumburin fata masu ƙarfi da ake kira sitiroyid. Da fari sai fuska ta yi sumul, daga baya ƙuraje masu girma ɗaya su feso, fata ta yi siriri. A wurin aiki muna ganin 'yan mata da yawa da wannan matsalar, kuma abin yana ci min rai. In kina shafawa, ki turo min hoton kwalbar. In an daɗe ana shafa shi, barinsa farat ɗaya yakan sa fuska ta rikice, gara likita ya tsara miki yadda za ki janye.

Na yau da kullum ba shi da yawa: wanki sau biyu da ruwa mai ɗumi-ɗumi da tafin hannu, ki tsane da tawul mai laushi ba tare da gogawa ba, ki shafa mai marar maiƙo, balle yanzu da hunturu ya shigo. Kada ki fara magungunan nan duka rana ɗaya. Ki soma da na kumatu, bayan mako biyu ki ƙara na hanci. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin canji, wani lokaci har 12.

Saura guda biyun nan da ke ƙasan muƙamuƙi, manya, masu tauri, da suke can ciki ba su da baki. Su ba na gida ba ne, man shafawa ba ya kai wa zurfinsu, kuma su ne ke barin rami a fuska. Ki ɗan dafa su da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi don rage zafi, ba tsinke ba allura, sannan ki je sashen fata na asibiti a makon nan, domin hoto ba ya maye gurbin a duba ki ido da ido. Ki faɗa wa likita ko suna tasowa ne gab da al'adarki, ko al'adar tana rikicewa, da duk abin da kika taɓa shafawa. Kada ki sayi ƙwayoyin sha da kanki a kemis.

Ki gaida min Yaya da su Abba. In kin samu ranar ganin likita ki kira ni da daddare bayan na tashi aiki.

Antinki, Hadiza