Amsa ga gayyatar Yaya Sale

Assalamu alaikum Yaya Sale. Ya gida, ya iyali? Da fatan kowa yana lafiya.

Na ga gayyatar da ka yi mana ta shiga wannan harkar zuba jari, na kuma ga sunana cikin mutanen farko da ka kira. Na gode ƙwarai da ka tuna da ni. Na san halinka, ba ka cin alheri kai kaɗai. Tun da a gaban jama'a ka kira ni, gara in amsa a gaban jama'a, kada wani ya ga na yi shiru ya ɗauka na shiga, ya biyo ni a kan haka.

Yaya, ka yi haƙuri, ba zan shiga ba. Ba wai ina shakkar gaskiyarka ba ne. Ka ce an biya ka ribar wata biyu, na yarda an biya ka. Lissafin harkar ne ya ƙi zauna mini.

Takardar da ka turo ta ce za a riƙa ba da ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata. In mutum ya bar kuɗinsa da ribar suna hauhawa, a shekara ɗaya sun ninka fiye da sau 23. Na karanta takardar daga farko har ƙarshe ina neman abin da suke saye ko sayarwa da zai haifi wannan riba, ban gani ba. Abin da na gani shi ne hotunan motoci, da sharaɗin cewa ba a taɓa uwar kuɗi sai bayan kwana 90, da kuma cewa kowa ya kawo mutum uku. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Uku su kawo tara, tara su kawo 27, haka har gaba. A hawa na 21 kaɗai ana buƙatar mutum fiye da biliyan 10, alhali duk mutanen duniya biliyan 8 ne da 'yan kai. Ke nan dole wata rana sababbin shiga su ƙare, kuma waɗanda suka zo a ƙarshe su ne za su kwana ciki.

An sha yin irin wannan. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45. Na farko sun karɓa, suka je suka kira 'yan uwansu da zuciya ɗaya, ashe da kuɗin na baya ake biyan na gaba. Kafin shekarar ta ƙare asirinsa ya tonu. MMM ma kashi 30 a wata ta riƙa yi wa mutane alkawari a Nijeriya, har ta rufe asusunsu a watan Disamba na 2016. Kuma kada kowa ya ce rashin wayo ne ke jefa mutum ciki: lokacin da aka kama Bernard Madoff, wani da ya yi irin wannan damfara a Amurka, a 2008, cikin waɗanda kuɗinsu ya nutse har da manyan bankuna da ƙwararrun masu lissafi.

Ban ce na san mutanen da ke bayan wannan ba, ban kuma ce lallai haka za ta ƙare ba. Kamannin ne suka yi yawa. Ko da zan iya sayar da rai da kuɗina, ba zan iya kawo mutum uku ba, domin waɗanda za su amsa kirana ba su wuce ƙannena da abokan aikina ba. In abin ya rushe, da wane ido zan kalle su?

Alfarma ɗaya nake nema, a matsayina na ƙaninka. Kafin ka ƙara ko sisi, ka tambaye su lambar rajistarsu da hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, ka bincika da kanka a wurin hukumar, kada ka tsaya ga hoton takardar shaida da za su turo maka. Sannan ka nemi su ba ka uwar kuɗinka gaba ɗaya da zarar kwana 90 ɗin sun cika. In suka fara cewa ana gyaran manhaja, ko sai ka biya wani kuɗi kafin a sakar maka naka, kada ka biya.

Ga sauran 'yan uwa da aka kira tare da ni, kowa da ra'ayinsa, ni dai na faɗi nawa. Ina roƙon kada wanda ya mai da wannan magana abin yi wa Yaya Sale ba'a.

Yaya, in kana da sarari gobe da yamma zan kira ka mu duba takardar tare, layi bayan layi. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya bar zumunci. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Rabi'u