A Hana Amfani da Leda Mara Kauri: Jawabin Ɓangaren Masu Goyon Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan zama, alƙalan gasa masu adalci, mai kula da lokaci, iyayenmu malamai, abokan karawata da sauran 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka. Sunana Hafsat, 'yar aji biyu a babbar sakandare, daga nan ƙasar Ringim. Na tsaya ne ina goyon bayan cewa gwamnati ta hana amfani da leda mara kauri, wadda ake ɗauka sau ɗaya a yar.

Zan fara daga gidanmu. Bara da rani innata tana da tunkiya da ta saya da kuɗin adashi, tana jiran ta haihu ta sayar da ragon lokacin layya. Sai tunkiya ta fara ramewa. Ga dusa, ga harawa, ta ƙi ci, ciki kuma ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Da aka ga za ta tafi, aka kira mahauci ya yanka. Ina tsaye ya farka tumbin, ya zaro wani dunƙulen baƙar leda da ta murɗe kamar igiya, ta kusa cika ƙaramar kwalla. Inna ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki. Adashin wata goma ke nan ya tafi. Ranka ya daɗe, a ƙauye dabba ita ce bankin mace, da ita ake biyan kuɗin magani, da ita ake sayen kayan ɗakin 'ya. Duk mai shakka ya je kwata ya tambayi mahauta abin da suke gani a cikin tumbi.

Me ya sa dabba ke cin leda? Saboda mun zuba mata ƙosai da awara a ciki, ƙamshin mai da gishiri ya kama ta. Ciki kuwa ba ya narkar da ita, kamar yadda ƙasa ba ta cinye ta. Ganye kan ruɓe a damina ɗaya ya zama taki. Leda tana nan shekara da shekaru, sai dai ta farfashe ƙanana ta gauraya da ƙasa. Manomin da ya kai takin bola gona ya san wannan, garma na tafiya tana tono leda.

Idan damina ta sauka kuma, ita ce ke toshe kwalbati da magudanar ruwa. Mu a Jigawa ba a ba mu labarin ambaliya, mun ga ta 2022 da idonmu. Ban ce leda ce ke kawo ruwan sama ba, amma ruwan da ya rasa hanya gindin katangar ƙasa yake kwanciya, a nan kuma sauro ke hayayyafa. In aka ce a ƙona ta, hayaƙin ya shaƙe yara da tsofaffi.

Abokan karawata za su ce leda ce jakar talaka, kyauta mai shago ke bayarwa. To wa ke biyan kuɗin tunkiyar da ta mutu? Talakan nan ne dai. Za su kuma ce a wayar da kan jama'a kawai, ba sai an kafa doka ba. An daɗe ana faɗa a rediyo, amma ku leƙa bishiyoyin bakin kasuwa ranar da aka tashi, leda ce rataye a kowace ƙaya. Muddin ana miƙa ta kyauta, ba wanda zai tuna ya ɗauko jaka daga gida.

Kuma ba mu ne farau ba. Bangaladash ta hana irin wannan leda tun 2002, bayan ta gano tana toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Kasuwanninsu ba su tashi ba, ana saye ana sayarwa.

Da me za mu maye gurbinta? Kakanninmu da kwando da ƙwarya da sanho suke cin kasuwa. Kabar tana nan, masu saƙar suna nan. Telan unguwa zai ɗinka jakar yadi da ragowar atamfa, a yi shekara ana cefane da ita. Yaron da ke tallar leda a kasuwa zai iya tallar wannan jakar, kuɗin kuma ya tsaya a garinmu.

Don haka ina roƙon gwamnati ta ba 'yan kasuwa wa'adin wata shida su ƙarar da abin da ke hannunsu, sannan ta fara aiwatar da dokar daga kan masana'antu da dillalai, ba daga kan tsohuwa mai tallar daddawa ba. Alƙalai masu girma, ina fatan za ku ba ɓangarenmu gaskiya. Na gode.